"Ai shi ya danna I Agree": zare a kan takardar da aka rubuta don kada mu gane

1/
Jama'a ku matso, zaren yau mai tsawo ne. Makonnin nan an yi ta yi wa wani ƙanina dariya a Bagega saboda saƙon da wata manhajar bashi ta watsa a kansa. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce, "to ai shi ya danna ya yarda." Wannan maganar na zo rusawa. 🧵

2/
Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan manhajar ba. Ɗan baffana ne, yana da ɗan shagon cajin waya. Janareto ya fara ba shi matsala, ga kuɗin mai, sai wani abokinsa ya ce akwai inda ake ba da bashi cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka. Ya tura masa manhajar ta Xender.

3/
Ya buɗe, ya sa lambar waya da BVN, ya sa lambar katin ATM. Waya ta tambaye shi abu sau uku ko huɗu, kowanne ya danna Allow. A ƙasa akwai ɗan akwati da rubutu shuɗi ƙanana. Ya taɓa akwatin, ya danna I Agree. Shi ke nan, wai ya sa hannu a kwantiragi.

4/
Da abin ya faru na karɓi wayar, na buɗe wannan shuɗin rubutun. Dare biyu na yi ina karantawa. Na yi makaranta, ina jin Turanci daidai gwargwado, amma sai da na riƙa komawa baya sau uku a jimla ɗaya. Abu huɗu na tsamo a ciki. Ku biyo ni ɗaya bayan ɗaya.

5/
Na farko: kuɗin.
A allo an rubuta masa naira 20,000, ruwa kashi 15, kwana 14. Ya yi lissafinsa: zan karɓi 20,000, in biya 23,000. Da alat ya shigo sai ya ga 17,000. Ya ce mini, "Yaya, na ɗauka banki ne ya ci." Ba banki ba ne. Can tsakiyar takardar aka ce za a cire kuɗin aiki tun kafin a turo.

6/
To mu yi lissafin gaskiya. Abin da ya shiga hannunsa 17,000. Abin da zai mayar 23,000. Bambancin 6,000 ne, ba 3,000 ba. In ka raba 6,000 da 17,000 za ka samu kashi 35 da ɗoriya, cikin mako biyu kacal. Shekara tana da irin waɗannan makonni biyun sau 26. Wato sama da kashi 900 a shekara.

7/
Ku lura da dabarar. Ba su yi ƙarya kai tsaye ba. Kashi 15 ɗin yana nan. Kuɗin aikin ma an rubuta shi. Sai dai an ajiye ɗaya a allon farko da manyan baƙaƙe, an binne ɗayan inda aka san ba za ka kai ba. Ba inda aka haɗa su wuri ɗaya aka ce maka: ga abin da za ka karɓa, ga abin da za ka biya.

8/
Ba a gama ba. Akwai tarar jinkiri, kashi 2 kowace rana, kuma a kan 23,000 ake lissafa ta, ba a kan abin da ya karɓa ba. Naira 460 ke nan kullum. Janareton ya mutu gaba ɗaya, ciniki ya tsaya, ya yi jinkirin kwana 20. Tara ta kai 9,200. Mutumin da ya karɓi 17,000 ana bin sa 32,200.

9/
Ku 'yan Bagega da Sunke da Dareta kun san cinikin zinari. Wa zai yarda mai saye ya shiga da sikeli bayan labule, ya fito ya ce ga nauyin da ya samu? A gabanka ake awo, kana kallon allura, kana kallon lamba. To me ya sa in an zo bashin waya muka yarda sikeli ya koma bayan labule?

10/
Na biyu: hannunsu a cikin asusunka.
Ƙanina ya ɗauka lambar katin da ya sa don a turo masa kuɗi ne. Ba a buƙatar lambar kati don a turo maka kuɗi, lambar asusu ta isa. Katin don a CIRE ne. Takardar ta ce ya ba su izinin cirewa a kowane lokaci, kowane adadi da suka ce suna bi, ba sai sun sanar da shi ba.

11/
Haka kuwa aka yi. Wata innarmu da ke Gusau ta turo naira 8,000 a asusunsa, a sayo wa tsohuwa magani. Kafin ya isa wajen mai POS kuɗin sun tashi. Ba kuɗinsa ba ne, amana ce. Na'ura ba ta san amana ba, abin da ta sani shi ne ka danna.

12/
Kar ku ɗauka ƙananan manhajoji ne kaɗai. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. In ka ci bashin banki ka sa hannu a kansa, ka kasa biya, bankin zai iya bin BVN ɗinka ya cire daga asusunka na wani banki daban. Mutum nawa aka yi wa wannan bayanin kafin su sa hannu?

13/
Amma ko GSI ɗin yana da iyaka. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cirewa ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Wato shi Babban Banki ya ja layi. Ita kuwa takardar da ƙanina ya danna ba ta ja layi ko ɗaya ba. "Duk abin da muke bi," in ji su. Wa ke lissafin abin da suke bi? Su.

14/
Na uku, kuma shi ne mai zafin: lambobin wayarka.
Kwana uku da wucewar wa'adi saƙo ya fara shiga wayoyin mutane. Baffa ya samu. Malaminsa na allo ya samu. Mahaifin yarinyar da yake nema ya samu. An sa sunansa da hotonsa, an ce macuci ne, ya gudu da kuɗin kamfani, wai kuma shi ya ba da sunansu a matsayin masu tsaya masa.

15/
Baffa ya kira ni da asuba. Ya ce, "Kai da ka yi boko, hwaɗa min, yaushe na tsaya wa wani bashi? Wa ya ba mutanen ga lambata?" Na ce, "Baffa, ba ka tsaya wa kowa ba." Ya ce, "To mi ya kawo sunana?" Wallahi na rasa yadda zan fassara masa cewa ɗansa ya danna Allow.

16/
Ga yadda abin ke aiki. Lokacin da waya ta tambaye ka ko manhaja za ta iya ganin Contacts, ka ce Allow, tana iya kwashe sunaye da lambobin gaba ɗaya ta aika wa na'urar kamfanin cikin daƙiƙoƙi. Daga nan ko ka goge manhajar, ko ka jefa wayar a rijiya, kwafin yana hannunsu.

17/
A takardar sirrinsu fa? Ba inda aka ce "za mu kira surukinka mu zage ka." An ce za su iya amfani da bayanan da ke na'urarka don tantancewa da karɓo bashi, kuma za su iya raba su da abokan hulɗa. Wa aka nufa da abokan hulɗa? Ba suna. Me ake nufi da karɓo bashi? Ba bayani. Kalma mai faɗi ake zaɓa don komai ya shige ƙarƙashinta.

18/
Ga tambayar da nake so masu cewa "ai ya yarda" su amsa mini. Mu ɗauka shi ya yarda. Baffa ya yarda? Malaminsa ya yarda? Lambar Baffa ta Baffa ce. Ɗansa ba shi da ikon ba da ita ga baƙo don a tsorata shi. Ba ka kyauta da akuyar maƙwabci don kawai ta kwana a gidanka.

19/
Na huɗu: ƙofar da suka bar wa kansu.
Kusa da ƙarshe takardar ta ce za su iya canza sharuɗɗan duk lokacin da suka ga dama, kuma ci gaba da amfani da manhajar yana nufin ka amince da sabon. Wato ka sa hannu a takardar da mai ita zai iya ƙara rubutu bayan ka tafi gida.

20/
A nan kuma aka ce kamfani ba shi da alhaki in sabis ya yanke, ko tarzoma ta tashi, ko gwamnati ta ba da wani umarni da ya hana shi aiki. Madalla. Na nemi jimlar da ta ba wa mai cin bashi irin wannan uzurin. Babu. In sabis ya hana su, ƙaddara ce. In ya hana ka, tara ce.

21/
Mu nan wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin kashe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi ba kira, ba tura kuɗi, an kuma rufe kasuwannin mako. Wanda ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya tuna.

22/
Ka ɗauka a lokacin kana da irin wannan bashin. Kana da kuɗin a aljihu, kana son biya, ba hanyar biya. Naira 460 na hawa kanka kullum. Wanda ya rubuta takardar yana ofis mai sanyi, bai taɓa hawa tudu neman sabis ba, bai taɓa auna ko hanyar Anka za ta biyu yau ba. Amma ya tuna ya kare kansa.

23/
Yanzu mu zo kan "ai ya danna." Doka ma ba ta yarda da ku ba. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, a sashe na 114 ta ce bayanin da ake ba mai saye dole ya zama cikin harshe mai sauƙi da ake ganewa. Ma'aunin kuma ba lauya ba ne.

24/
Ma'aunin shi ne mutum na yau da kullum cikin waɗanda aka yi kayan dominsu, mai matsakaicin karatu, wanda bai goge da irin wannan ciniki ba. In irin wannan ba zai gane ba, takardar ta faɗi jarrabawa. Sashe na 127 kuma ya hana sharuɗɗan zalunci, irin waɗanda suka karkata gaba ɗaya ga ɓangare guda.

25/
Sai dokar kare bayanan sirri da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sashe na 26 ya ce kamfani ne zai tabbatar da cewa ka yarda, ba kai za ka tabbatar ba ka yarda ba. Shiru ba yarda ba ne. Neman yardar kuma sai cikin harshe mai sauƙi.

26/
Dokar ta ce kada a ɗebi bayanai fiye da abin da aikin ke buƙata. To bashin naira 20,000 me ya haɗa shi da lambar malamin allo? Ta kuma ce kana da ikon janye yardarka, kuma janyewar ta zama mai sauƙi kamar yadda bayarwar ta kasance. Ka danna sau ɗaya ka shiga. Ina maɓallin fita?

27/
An taɓa hukunta wani a kan haka? An taɓa. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10. Cikin abin da ta kama shi da shi har da tura saƙonni ga mutanen da ke wayar masu bashi, da takardar sirrin da ba ta cika ƙa'ida ba. Ai su ma mutanen sun danna. Dannawar ba ta wanke kamfanin ba.

28/
A Maris 2022 FCCPC, lokacin Babatunde Irukera na shugabanta, ta kai samame ofisoshin wasu masu bashin waya a Ikeja da ke Legas. A Yulin 2024 kuma ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220, cikin dalilan har da yadda aka ɗora wa 'yan Najeriya sabuwar takardar sirrin WhatsApp, ko ka karɓa ko ka bari. Kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

29/
In mai WhatsApp bai tsira da hujjar "ai sun danna" ba, kai ɗan'uwa da ke zaune a majalisa kana dariyar yaro, wa kake karewa?

30/
Akwai wani abu da ya kamata kowa ya sani. Daga 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store karanta lambobin waya da hotunan mutane. Tun kafin nan ya hana waɗanda ke neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Ta ƙanina kwana 14 ce, kuma ta nemi Contacts. Me wannan ya nuna maka?

31/
Ya nuna ba ta bi ta ƙofa ba. Shi ya sa ta zo hannu da hannu. Mu a nan saboda tsadar data da raunin sabis mun saba a tura mana manhaja waya zuwa waya. Don wasan ƙwallo ba komai. Don abin da zai karɓi BVN da katinka, wannan ita ce hanyar da mai gudun bincike ya fi so.

32/
Amma ina da ƙorafi da dokar ita kanta. Ta ce harshe mai sauƙi, ba ta ce WANE harshe ba. Turanci mai sauƙi ga ɗan Ikeja duhu ne ga Baffa. Kuma wannan rigimar ta girme mu duka. A 1962 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke wata shari'a tsakanin kamfanin PZ da wasu mutum biyu, ana kiranta shari'ar Gusau da Kantoma.

33/
Ɗayansu ya tsaya wa ɗayan bashi, takardar da Turanci. Ba ya karanta Turanci, amma yana karanta Larabci. Akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce sai an karanta masa an fassara kafin ya sa hannu. Kotun ta ce tunda yana karatu da wani harshe, dokar ba ta rufe shi ba.

34/
Ku duba fa. Shekara sittin da ɗoriya, mutumin arewa yana sa hannu a takardar bashi da harshen da ba ya karantawa, ana ce masa ai ka sa hannu. Abin da ya canza kawai: da ana miƙa maka alƙalami a kanti, akwai akawun da za ka iya tambaya. Yau allo ne, ba wanda za ka tambaya.

35/
Wasu za su ce, "mu ai Zamfara ce, tun farko me ya kai shi bashin ruwa?" Na ji, kuma na faɗa masa. Amma ku tuna ayar bashi da ke ƙarshen Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani. A can wanda ake bi shi ne ke shifta abin da za a rubuta. Malamai kuma sun hana cinikin da aka ɓoye haƙiƙarsa. Laifinsa bai halatta nasu ba.

36/
Kuma kar a juya maganata. Ban ce kada a biya bashi ba. Abin da ya karɓa haƙƙi ne a wuyansa, mun haɗa mun biya. Abin da na ce shi ne bashi bai ba kowa lasisin ɓoye farashi, ko wawure amana, ko tozarta dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

37/
To kafin a gyara, ga abin da za ka yi da takardar da ba za ka iya karanta ta duka ba. Buɗe ta a Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama, zaɓi Find in page, ka nemi waɗannan kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

```
fee
penalty
debit
contacts
third part
amend
```

38/
Kalma ta farko da ta biyu za su kai ka wajen kuɗin da ake cirewa da tarar jinkiri. Ta uku, izinin shiga asusunka. Ta huɗu da ta biyar, wa za a ba bayananka. Ta shida, ikon canza sharuɗɗa. Duk jimlar da kalmar ta faɗo a ciki, ɗauki hoton allo, ka kai wa wanda ke jin Turanci ya fassara maka ita kaɗai. Jimla shida ta fi shafi ashirin sauƙi.

39/
Sannan ka rubuta lamba uku a takarda kafin ka danna komai. Nawa zai shigo hannuna? Nawa zan mayar, a wace rana? In na makara kwana goma, nawa zai zama? In manhajar ba ta ba ka amsar ukun nan a fili ba, ba mantuwa ba ce. Rufe ta.

40/
Alamun da ke cewa gudu: ta nemi Contacts ko hotuna ko saƙonni. Wa'adinta mako ɗaya ko biyu. Ba adireshin ofis, ba sunan kamfani, sai lambar WhatsApp. Shuɗin rubutun ba ya buɗewa. Ba ta cikin jerin masu ba da bashi da FCCPC ta amince da su, wanda ke shafin hukumar. Kasancewa a jerin ma ba shaidar kirki ba ce, amma aƙalla akwai inda za a kamo su.

41/
In ka riga ka shiga: je Settings, sai Apps, zaɓi manhajar, sai Permissions, ka mayar da Contacts da sauran zuwa Don't allow. Wannan ba zai dawo da abin da suka kwashe ba, zai dai tsayar da sabon ɗiba. Kira bankinka a toshe katin a ba ka sabo. Kar ka goge saƙonnin zagin, su ne hujjarka.

42/
Abu mafi wuya, kuma mafi amfani: ka riga su. Ka je wajen Baffa da kanka ka ce, "Baffa, na yi kuskure, za a turo maka saƙo, ba ka da alhakin ko kwabo." Duk ƙarfinsu a kan kunyarka yake. Ranar da mutanenka suka ji daga bakinka, saƙon ya zama banza. Sannan ka kai ƙara FCCPC da NDPC da hotunan.

43/
Yanzu ga su. Kamfanonin nan sun iya Hausa in za su yi talla. Sun san wa za su biya ya yi musu bidiyo da "samu kuɗi cikin minti biyar." Sun iya Hausa in za su yi zagi, saƙon da Baffa ya samu da Hausa yake. Wuri ɗaya ne Hausarsu ke ƙarewa: wajen sharuɗɗa. Wa zai ce mini wannan tsautsayi ne?

44/
Ku kuma masu tallata su a TikTok da Facebook da harshenmu, kun karanta takardar? In kun karanta kuka tallata, kun san abin da kuka yi. In ba ku karanta ba, kun tura ƙannenku rijiyar da ba ku leƙa ba. Zaɓi ɗaya.

45/
Abin da nake nema daga FCCPC da NDPC ba shi da tsada. Duk wanda ya yi tallan bashi da Hausa, a tilasta masa allo ɗaya da Hausa kafin maɓallin yarda: abin da za ka karɓa, abin da za ka biya, tarar kowace rana a naira, abin da za a ɗauka a wayarka, da wanda za a ba. Layi biyar. A haɗa da murya ta minti ɗaya don wanda ba ya karanta boko.

46/
Kar a ce ba ya yiwuwa. Da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, ba takardar Turanci aka miƙa wa iyayenmu mata ba. Da bakinsu aka yi musu bayanin abin da ke cikin ƙurar da ido ba ya gani. Ba ina haɗa girman musibar ba ne. Ina cewa wanda ke so ka gane, ya san yadda zai yi.

47/
Maganar auren ƙanina tana nan a rataye. Baffa ya je da kansa ya yi bayani, an ce a ba su lokaci. Naira 17,000 ce ta jawo wannan. Shi ya koma shago, an gyara janareto, amma har yau in waya ta yi ƙara sai ka ga gabansa ya faɗi.

48/
Don haka in ka sake jin wani ya ce "ai shi ya danna," miƙa masa wayar, buɗe masa shuɗin rubutun, ka ce ya fassara maka sakin layi ɗaya da Hausa. In ya iya, na janye zaren nan.

49/
Wanda ke da irin takardar nan a wayarsa, ya ɗauki hoton jimlar da ta ɗaure masa kai ya ajiye a ƙasa. A rufe suna da lamba da BVN tukuna. Zan fassara abin da zan iya, masu karatun lauya a cikinmu su taya. Ku tura wa ƙannenku kafin wani ya tura musu manhajar. Allah Ya rufa mana asiri.